Takardar gayyatar mai horarwa

"Jama'a za mu gayyato wata malama daga Kano ta koya wa matan ƙungiyarmu haɗa sabulu a nan Sakkwato, me ya kamata mu sa a takarda?"

Hajiya, abin da ke sa masu horarwa yin shiru shi ne maganar kuɗi da ba a fayyace ba. Kar ki rubuta "za mu ɗan ba da na mai", faɗi adadin da za ku biya ta, ko kuma ki ce ta faɗi nata, sannan wa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, a ina za ta kwana, kuma za a tura rabi ta akawun kafin ta taso ne ko sai an gama.

Sai rana. Ki sa ranaku biyu ta zaɓi ɗaya, da awa nawa, misali 9 na safe zuwa azahar, don Kano zuwa Sakkwato tafiyar wuni ce ta Gusau, horon kwana 1 kwana 3 zai cinye mata, in ba ta gani a rubuce ba dole ta tsaya lissafi.

Ki faɗi yawan matan, 20 ko 60, sabbin shiga ne ko sun ɗan iya, don da haka za ta san yawan soda da manja, kuma ku za ku saya ko ita za ta zo da su. Wannan fa shi ke kawo rigima ranar, kowa ya zaci ɗayan ya saya.

A ƙasa ki sa lambar mutum ɗaya tak, da ranar da kuke jiran amsa.