Wasiƙar shaidar aiki daga manajan otal

Tambaya: Shekara huɗu ina aikin gyaran ɗakuna a wani otal a Kano, yanzu ina neman aiki a Dubai. Me zan ce manaja ya rubuta mini?

Ɗan'uwa, ya rubuta da Turanci a takardar otal mai tambari, da hatimi da sa hannu. Sunanka ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Nan ake yawan samun matsala.

Kada ya tsaya a "yana da kirki". Ya faɗi watan da ka fara, muƙaminka, da ɗaki nawa kake gyarawa kullum, misali 14. Ya kuma shaida amanarka, tunda ɗakunan baƙi kake shiga.

Ya sa lambar waya da imel na otal ɗin, don masu ɗaukar aiki sukan tuntuɓa su tabbatar.