Amsar likita kan maganin zafin jikin daina al'ada

Tambaya: Likita, shekarata 52, al'ada ta ɗauke mini shekara ɗaya da rabi. Zafin jiki da gumin dare sun hana ni barci. Wata ƙawata ta ce in sayi ƙwayar istirojin a kemis. Amma satin da ya wuce na ga ɗan jini kaɗan. In fara sha?

Amsa: Wa'alaikumus salam Anti, da sauran 'yan uwa. A'a, don Allah kar ki fara tukuna. Wannan ɗan jinin shi ya fi damu na, ya fi zafin jikin ma.

Mace in ta cika wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, duk jinin da ya zo bayan nan, ko ɗigo ɗaya ne, sai an bincika. Yawanci ba wani abin tsoro ba ne, fatar gaba ce ta yi siriri saboda bushewa. Amma wani lokaci shi ne alamar farko ta kansar mahaifa, ita kuwa wannan kansar istirojin ne abincinta, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa in al'ada ta ɗauke. To kin ga in kika sha, kin ƙara wa wuta fetur. Ki je wajen likitan mata, za a duba bakin mahaifa, a yi miki sikanin ta gaba a auna kaurin shimfiɗar cikin mahaifa. In bai wuce milimita 4 ba, hankali ya kwanta sosai. In ya wuce, ko jinin ya sake dawowa, sai a ɗan tsakuro nama a kai gwaji.

To mu ce an duba, lafiya lau. Nan kuma zan ce miki maganin yana aiki, babu abin da ya kai shi kashe wannan zafin da gumin. Cikin 'yan makonni mace ta fara barci, bushewar gaba ta ragu, ƙashi ma yana samun kariya daga karyewa. Shekarunki kuma sun dace, domin wadda ta fi cin moriyarsa ita ce wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da daina al'ada ba. Tsoron da mutane ke yi ya samo asali daga wani babban bincike a Amurka da aka dakatar da wani ɓangarensa a 2002, amma matan da ke ciki, matsakaicin shekarunsu 63 ne, ba sa'anninki ba ne.

Sai dai ki ji inda shawarar ƙawarki ta karkace. Ke kina da mahaifa. Istirojin shi kaɗai yana sa shimfiɗar nan ta yi ta kauri har ta iya rikiɗewa ta zama ciwon kansa, shi ya sa dole a haɗa miki da furojestaron, sinadarin da ke hana shimfiɗar yin kauri. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai ke shan istirojin zalla. Wataƙila ƙawar taki an yi mata aiki, ki tambaye ta.

Haɗin nan yana da nasa haɗarin, ba zan ɓoye miki ba. Yana ɗan ƙara haɗarin kansar mama, kamar mace ɗaya cikin 1,000 a shekara, kuma yana ƙaruwa da daɗewar sha. Na haɗiya kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Na mannawa a fata ko na shafawa ya fi sauƙi ta wannan fannin tunda ba ya fara bi ta hanta, shi nake fi so ga mai ƙiba, in dai an same shi.

Masu saurare, akwai waɗanda ba ma ba su: wadda ta taɓa kansar mama ko ta mahaifa, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya mai toshe jijiya, da mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa. Wannan na hantar ku riƙe shi, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a wajenmu, da yawa ma ba su san suna ɗauke da shi ba. Hawan jini kuwa ba ya hanawa, amma sai an saita shi tukuna.

Af, in bushewar gaba ce kaɗai damuwar mace, akwai man istirojin da ake sawa a cikin gaba, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini.

Anti, ki samu ki je cikin satin nan, kar ki jira ya sake zuwa. Ki tafi da ranar da kika ga jinin da sunayen duk abin da kike sha, har da na gargajiya da kayan mata. In sakamakon ya fito ki turo mini ta gefe, sai mu ga wanne ya dace da ke. Allah ya ƙara sauƙi.