ADX ya maƙale ƙasa da 20: me kasuwa ke faɗa?

Tambaya: Malam, kusan wata guda ke nan ADX ɗina bai haura 18 ba a jadawalin kwana-kwana, amma +DI da -DI sai gitta juna suke yi. Duk gittawar da na bi sai na yi asara. Ma'aunin ne ya lalace?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, gaskiya ma yake gaya maka. ADX, ma'aunin ƙarfin tafiyar farashi a kasuwa wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, ba ruwansa da ko farashi sama ya nufa ko ƙasa. Ratar da ke tsakanin layukan nan biyu yake aunawa: +DI ƙarfin hawa, -DI ƙarfin sauka. Tushen lissafin shi ne:

```
DX = 100 × |(+DI) − (−DI)| / ((+DI) + (−DI))
```

A ce +DI na kan 22, -DI na kan 18. Ratar 4 ce, jimilla 40, DX ya zama 10. In kuwa 30 ne da 10, DX 50 ke nan. To, ADX matsakaicin DX ne da aka tace, yawanci da kyandir 14, wato sandunan farashi da ke kan jadawali, kowanne na kwana guda a jadawalin kwana-kwana. Don haka in ya daɗe a ƙasa, masu saye da masu sayarwa sun daɗe suna kunnen doki. Layukan da ke manne da juna kuwa, ɗan motsi kaɗan ya isa su gitta, gobe su sake gittawa. Nan kuɗinka ke zurarewa. A ganina, gittawar da ta faru ADX na ƙasa da 20 kuma a kwance, ba abar bi ba ce.

Amma kada ka ɗauka ƙarancin ADX na nufin farashi ba ya motsi. Yana iya yin wawan tsalle sama yau, ya rikito gobe, ADX na nan a 15, domin hawan da saukar sun cinye juna. Daɗewarsa a ƙasa ma ba ta gaya maka ranar da farashi zai ɓalle, balle ɓangaren da zai bi.

Sai maganar jinkiri, wadda mutane ke rainawa. Sabon ADX shi ne tsohon sau 13, a ƙara DX na yau, a raba da 14. In yana 15, farashi ya ɓalle, DX ya tsaya a 50 kullum, gobe 17.5 kawai za ka gani, jibi kusan 20, sai kyandir na biyar zai haura 25. A jadawalin kwana, kasuwancin mako guda ya wuce ka.

Saboda haka ka fi kula da juyawar ADX ɗin. Ka shata iyakar sama da ta ƙasa inda farashi ke kai-komo. In kyandir ya rufe a wajen iyakar, ratar layukan na buɗewa, ADX kuma na hawa daga 15 zuwa 18 zuwa 20 a jere, nan ne za ka fara lissafin shiga. In ya rufe a waje amma ADX bai ɗago ba bayan kyandir biyu ko uku, ka yi zargin ɓallewar bogi ce.