Teburin da ya kantare a Tamale

"'Yan uwa, na haɗa teburin cin abinci da katakon dahoma a nan Kumasi, faɗinsa ƙafa 3. Mai shi ya tafi da shi Tamale, hunturu na shigowa tsakiyarsa ta taso, gefe ya tsage. Mene ne ya jawo?"

Malam, katakon nan da sauran ruwansa ka yi aiki da shi. Yawancin abin da muke ɗaukowa a kasuwar katako ta Sokoban ba a daɗe da yanka shi ba, kuma ko ya sha iska a nan, laimar Kumasi ba ta barinsa ya bushe irin bushewar Arewacin Ghana. A ce ka haɗa shi ruwan cikinsa na kashi 20 cikin ɗari, iskar hunturu ta sauke shi zuwa 10. Dahoma zai iya tsukewa kusan inci ɗaya a faɗin ƙafa 3. A tsawo kuwa kusan ba ya motsi. To ka ɗaure shi da ƙusa tamau a kan firam, ina zai je? Dole ya tsage.

Tasowar tsakiya kuma, juya teburin ka duba. Na san saman kawai ka shafa wa fanish, ƙasan ka bar shi tsirara. Ƙasan ya riga bushewa ya tsuke, sai saman ya yi doro. Duk abin da ka shafa a sama, shafa shi a ƙasa da bakin katakon.

Shi kansa dahoma itace ne mai taurin kai, zarensa a sarƙe yake, yana murɗewa wajen bushewa. Wurinsa rufi da aikin da ke son ƙarfi. Katakon odum ya fi shi natsuwa nesa ba kusa ba, sai dai tsada. Katakon wawa na bushewa da wuri kuma ba ya yawan motsi, amma laushinsa ya sa farce ma yana yi masa tabo, don haka ni a cikin durowa nake sa shi.

In ka sayo katako, kada ka jingina shi da bango. Shimfiɗa shi a inuwa, a ɗage daga ƙasa, ka sa siraran sanduna masu kaurin inci ɗaya tsakanin kowane layi, duk bayan ƙafa 2, kowace daidai saitin ta ƙarƙashinta, sannan ka danne saman da bulo. Zaɓi guda ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ran da nauyin ya daina raguwa, ya kai iya bushewar da Kumasi za ta ba shi. Kayan da za su tafi Arewa kuwa, gara ka biya kuɗin na'urar busarwa.

Wajen haɗawa, tsaga faffaɗan katako zuwa inci 4 ko 5 ka manna su, ka kuma tsawaita ramukan sukurori a firam domin saman ya samu wurin motsi.