Wasiƙar ma'aji kan kuɗin adashe da ya yi giɓi

Tambaya: "Ni ce ma'ajiyar adashenmu a Marwa. Zubin wata biyu bai cika ba, an rasa sefa 30,000. Me zan rubuta wa mambobi?"

Hajiya, kafin ki ɗauki alƙalami, ki zauna da sakatariya ku gwada littafinta da naki, domin sau da yawa kuɗin an tura shi ta waya ne ba a rubuta ba. In giɓin ya tabbata, ki faɗi adadinsa da watannin, amma kada ki ambaci sunan kowa. Masu bashin a same su a keɓe. Ki sa ranar biya, misali taron wata mai zuwa, ki ce wanda ya saɓa za a mayar da kwasarsa ƙarshen layi. Shugaba ma ta sa hannu, kada a ce ke kaɗai kika yanke.