Ƙarar da ke fita a mahaɗa bayan an cire talla daga lacca

"Oga, na cire tallan masu ɗaukar nauyi daga tsakiyar laccar nan, amma duk lokacin da aka zo wurin da na haɗa sai in ji wani ƙas a lasifika. Na sake yankawa sau uku, yana nan. Me nake yi ba daidai ba?"

Zauna nan kusa, ka buɗe aikin a Audacity, ka yi ta danna `Ctrl+1` a kan mahaɗar har zanen sautin ya zama zare guda mai hawa da sauka. Ka ga layin da ya ratsa tsakiya? Shi ne sifili, wato inda fatar lasifika take zaune ba ta motsa ba. Idan zaren ya hau sama, fatar ta turo gaba, idan ya sauka ta ja baya. To dubi naka. Ɓangaren hagu ya ƙare zaren yana can sama, na dama kuma ya fara daga ƙasan layi. Ka umarci fatar ta yi tsalle daga gaba zuwa baya a cikin ɗigo guda, alhali a wannan fayil ɗigo 48000 ne ke cikin sakan ɗaya. Wannan tsallen shi kunnenka yake ji. Ko sau goma ka yanka, muddin bakin biyu ba su haɗu a tsayi ɗaya ba, ƙarar tana nan.

Amma kafin mu zo maganin ƙarar, wurin da ka sa wuƙar ma bai yi ba. Maido da asalin fayil ɗin mu saurara. A minti 14 da sakan 31 malamin ya ce "wannan shi ne sharaɗi na biyu", ya yi shiru kamar sakan ɗaya, sannan mai gabatarwa ya shigo da talla. Kai ka yanka daidai kan wasalin ƙarshe na "biyu", tun muryar ba ta gama mutuwa a ɗakin ba. Kalma tana da jela. Ɗakin yana mayar da amo na ɗan lokaci bayan baki ya rufe, kuma idan ka datse jelar, ko babu ƙas mai sauraro zai ji an fizge maganar. Ka bar ta ta sauka, ka sa alamar farko a cikin shirun, wajen 14:32. Danna `Ctrl+B` ka ajiye alama don kada wurin ya ɓace maka.

Can ɗaya bakin kuma, tallan ya ƙare a 15:46, malamin ya dawo da "sharaɗi na uku" a 15:48. Sa hedifon ka saurari abin da ya zo kafin kalmar. Ka ji ya ja numfashi? Wannan numfashin nasa ne, a bar masa. Ka sa alama ta biyu kafin numfashin ya fara, kada ka sa a tsakiyarsa. Rabin numfashi yana fita kamar shaƙuwa, kuma na sha ganin yara suna neman ƙas a zare alhali numfashin da suka raba ne yake damun su. Shirun da zai rage tsakanin jimlolin biyu kuwa, auna shi da bakin mai maganar. Wannan malamin yana jan kusan sakan ɗaya tsakanin batu da batu, saboda haka kada ka bar masa rubu'in sakan, zai zama kamar ana korarsa.

Yanzu zaɓi daga alama zuwa alama, ka danna `Z`. Manhajar za ta ɗan gusa da bakin biyu zuwa inda zaren ya ratsa sifili. Kada ka share tukuna. Danna `C`, zai kunna maka ɗan abin da ke gaban zaɓin da ɗan abin da ke bayansa, ya tsallake tsakiya, ka ji yadda haɗin zai kasance. Idan ya yi, share.

Sau da yawa nan aikin yake ƙarewa. A wannan fayil ɗin ba zai ƙare ba, saboda dalili biyu. Na farko, sitiriyo ne, wato layi biyu: sautin lasifikar hagu da na dama ba sa ratsa sifili a lokaci guda, idan ɗaya ya dace ɗayan na iya saɓawa. Tunda murya ɗaya ce, da ni ne tun farko zan mayar da shi layi ɗaya in huta. Na biyu, shirun nan ba shiru ba ne. Ƙara sautin ka ji: ga fanka, ga gurnanin wutar lantarki a ƙarƙashi. Wutar nan tana juyi 50 a sakan, kowane juyi milisakan 20 ke nan, kuma idan ka haɗa rabin juyi da wani rabin da bai dace da shi ba sai ka ji wani dum mai nauyi maimakon ƙas.

Maganin wannan shi ne ka sa bakin biyu su narke cikin juna. Zaɓi milisakan 10 a hagun mahaɗar da 10 a damanta, ka shiga `Effect` ka nemi `Crossfade Clips`. Zai dusashe na hagu yana tayar da na dama a kansa, sai zaɓin ya ragu da rabi. Milisakan 10 ɗigo 480 ne, tsallen da fatar take yi a ɗigo ɗaya yanzu ta samu gangara ta bi a hankali. Idan gurnanin bai lafa ba, faɗaɗa zaɓin, tunda a cikin shiru kake, kana da fili. Amma kada tsawon ya kai ya taɓa kalma, don za ka ji harafi biyu sun hau kan juna. Kuma kada ka cusa shirun `Generate` a wurin. Shirun na'ura baƙi ne ƙirin, fanka za ta ɗauke ta dawo, kowa ya gane an yi tiyata. In kana buƙatar ƙarin tazara, kwafo shirun ɗakin daga wani wuri a laccar ka liƙa.

Inda aikin yake ba da wahala shi ne idan kiɗan tallan ya fara tashi tun malamin bai rufe baki ba. Kiɗan ya riga ya shiga cikin muryar, babu wuƙar da za ta raba su da tsabta. Ka koma baya ka yanka a ƙarshen jimlar da ta gabata idan ma'ana ba za ta lalace ba, ko ka tambayi wanda ya kawo aikin ko yana da ɗanyen ɗauka kafin a haɗa da kiɗa. Tunda za ka kira shi ma, tabbatar da bakinsa cewa wa'adin masu tallan ya ƙare. Na taɓa cire talla daga shiri bisa umarnin wani yaron ofis, ashe an biya kuɗin wata uku, ni aka tsayar ina bayani.

Gwaji kuma da hedifon ake yi, a fara daga sakan biyar kafin mahaɗar, ido a rufe, don idan kana kallon alamar kunnenka zai ƙirƙiro maka ƙarar da babu. Idan kana shakka, juya layin zuwa `Spectrogram`: ƙas yana fitowa kamar siririn tsinke a tsaye daga ƙasa har sama. Fitar da aikin a `WAV` ka ajiye, sannan ka yi `MP3` sau ɗaya tak daga gare shi, saboda duk sake matsewa yana rage ingancin murya. Je ka gyara wannan, akwai wani tallan a wajen minti 31, shi ma ka yi shi ka kawo in ji.