Makin ɗalibaina ya taru a hagu: jarrabawar ce ta yi wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Na yi wa ɗalibai 60 jarrabawa mai tambayoyi 50, kowace tambaya maki 2, zaɓi huɗu-huɗu. Da na zana histogiram, mutum 3 sun samu 10 zuwa 19, mutum 14 sun samu 20 zuwa 29, mutum 19 sun samu 30 zuwa 39, mutum 11 sun samu 40 zuwa 49, sai 6, 4, 2 da 1 a rukunan da ke biye har zuwa 89. Jarrabawar ce ta yi tsauri, ko yaran ne ba su yi karatu ba?

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Na zana alƙalumanki a takarda kafin in amsa. Tudun yana hagu, ƙololuwarsa a 30 zuwa 39, sannan wata doguwar jela ta miƙe dama tana sirancewa har ta ƙare a kan yaro ɗaya. Wannan siffa ta jarrabawar da ta fi ƙarfin yawancin waɗanda suka zauna mata ce. Ki kula da wani abu da yake rikita mutane: littattafan lissafi suna kiran wannan "karkata zuwa dama", domin jelar suke bi wajen raɗa suna. Wasu kan ji "dama" su ɗauka maki ya yi kyau, alhali akasin haka ne. Ke dai ki dubi inda jama'a suka cunkushe.

Matsakaicin makin ajinki, idan an tara duka an raba da 60, zai kai wajen 39. Amma idan kika jera yaran daga na ƙasa zuwa na sama, wanda ya tsaya a tsakiya yana da kusan 36. 'Yan tsirarun nan na cikin jela su ne suka ja matsakaicin sama, don haka 36 ɗin ya fi faɗin gaskiyar ajin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin zanenki, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. A jarrabawa mai zaɓi huɗu, ƙasan ma'auni ba sifili ba ne. Yaron da bai san komai ba, ya yi ta canki-canka daga farko har ƙarshe, zai dace da kusan ɗaya bisa huɗu na tambayoyin, wato maki 25 ke nan. Kuma sa'a tana hawa tana sauka: a tambayoyi 50, yawancin masu canke za su faɗo tsakanin 19 da 31, wani mai sa'a ma ya taɓa 36. Saboda haka ki ɗauki biro ki ja layi a tsaye a kan 25, daga nan za ki fara karanta zanen. Yaranki 17 da ke ƙasa da 30, makinsu bai bambanta da na mai canke ba. Wanda ya samu 28 ba lallai ne ya fi mai 20 sani ba. Shi kuwa na tsakiyan nan mai 36, a lissafi yana iya kasancewa tambayoyi 7 kacal ya sani da gaske, ya canki sauran 43 ya dace da wajen 11, suka zama 18. Idan tudu ya zo ya jingina da layin canke haka, jarrabawar ta daina rarrabe na ƙasa, duk ta matse su wuri guda. Na sama kaɗai take iya jerawa.

To amma ainihin tambayarki, ko laifin takarda ne ko na yara, histogiram ba zai amsa miki ita shi kaɗai ba. Jarrabawa mai tsauri, da aji mai rauni, da darasin da ba a kai ga koyarwa ba, da ƙarancin lokaci, duk zane iri ɗaya suke haifarwa. Sai kin koma cikin takardun.

Na taɓa samun irin wannan tudu a wani ajina, har na fara shirin yi wa yaran faɗa. Da dare na baza takardun a kan tebur, na yi jadawali, kowace tambaya da layinta, ina ƙirga mutum nawa suka ci. Tambayoyin farko lafiya lau, fiye da rabin aji suna ci. Ina isa goman ƙarshe sai na ga wuraren amsa fayau babu komai, wasu kuma sun bi layi ɗaya sun shafe B tun daga sama har ƙasa, rubutun ma ya nuna hannu na rawa. Lokaci ne ya ƙure musu. Tambayoyin ba su fi ƙarfinsu ba, ni ce na cika su da yawa. Tun daga ranar ban sake yanke hukunci a kan zane ba sai na yi wannan ƙirgar.

Ki yi haka nan. Ga kowace tambaya, ki raba yawan waɗanda suka ci da 60. Wadda ta faɗo kusa da ɗaya bisa huɗu ko ƙasa, ki ware ta. Sannan ki ciro takardun yara 13 ɗin nan da suka kai 50 zuwa sama, ki ga yadda suka yi da waɗannan tambayoyi. In har su ma sun faɗi, musamman idan sun haɗu a kan amsa guda wadda ba ita ce a takardar amsoshinki ba, to ki zargi tambayar: ko lafazinta mai harshen damo ne, ko kin yi kuskure wajen rubuta amsar. In tambayoyin da aka faɗi sun taru a babi ɗaya, matsalar ta koyarwa ce. In kuwa sun warwatsu ko'ina, kuma na saman suna cin su daidai, to takardar lafiyarta ƙalau, matakinta ne ya yi wa ajin nisa.

Jarrabawa mai sauƙi kuma juyin wannan ce, tudu ya manne da 90 zuwa 100, jela ta koma hagu. Can ma an matse mutane, sai dai na sama ne ba a iya rarrabewa. Ko hakan aibi ne, ya danganta da manufa. Idan gwajin ƙarshen darasi ne don a ga ko an fahimta, ni murna nake yi da shi. Idan na zaɓen mutum biyar ne daga cikin 60, bai yi aikinsa ba. Ba kowace jarrabawa ake nema ta fito da tudu a tsakiya ba.

Kafin ki fara ƙirgar, ki sake zanen da faɗin maki 6 maimakon 10, tunda makin naki bibbiyu yake tafiya. Wani lokaci ginshiƙi mai faɗi yana ɓoye tudu biyu, alamar rukuni biyu ne a ajin, misali waɗanda suka halarci wasu darussa da waɗanda suka rasa su. Kada dai ki matse ya wuce haka, domin da mutum 60 zanen zai koma haƙoran zarto, ki riƙa ganin abin da babu. In kin gama, ki turo mana sakamakon tambayoyi 41 zuwa 50 tukuna, su nake so in fara gani.